Firinsifal ya tozarta ni a gaban malamai, in rama ko in ajiye aikin?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Turanci ce a sakandaren gwamnati, wata uku kenan da dawowata daga hutun haihuwa. Ranar Litinin a miting ɗin malamai firinsifal ya kira sunana yace kullum a makare nake zuwa kuma ajina na SS1 ne yafi kowanne faɗuwa, har yace in renon yara ne ya dame ni in koma gida in bar wa masu so aikin. A gaban kowa, har da 'yan bautar ƙasa. Ban iya cewa komai ba sai hawaye. Yanzu na rubuta dogon saƙo zan tura guruf ɗinmu na wasaf, wani lokacin kuma sai inji kawai in ajiye aikin. Sati biyu ya rage a sake wani miting ɗin. Dan Allah ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya abin da aka samu, ya baki lafiyar shayarwa.

Kafin komai dan Allah saƙon nan kar ki tura shi. Ki barshi a wayarki in kina so, amma kar ya shiga guruf, domin duk abin da ya shiga guruf ɗin malamai kafin la'asar wani ya ɗauki hotonsa ya kai ofis, kuma daga ranar an daina maganar abin da aka faɗa miki, an koma maganar abin da ke kika rubuta, wanda shi a rubuce yake da sunanki da lokaci a jiki, nashi kuwa magana ce ta baki da zai iya cewa ba haka yake nufi ba. A aikin gwamnati rashin ladabi ga na gaba laifi ne mai zaman kansa da ake ba da kwiri, wato takardar neman bayani kan laifi, a kansa, ko da kuwa kece mai gaskiya a asalin zancen.

Bari in baki labarin wani malamin lissafi da muka yi aiki tare a wata makarantar jeka-ka-dawo, don abin da yayi nake so ki duba da kyau.

An turo shi makarantar ne a sati na biyar na zangon farko, aka haɗa shi da JSS2, aji ɗaya mai yara 84, wasu a benci wasu a ƙasa. Mutum ne mara yawan magana, in ba ajinsa ba to yana ƙarƙashin darbejiya yana makin. Da aka dawo zango na biyu aka kira miting na farko, firinsifal ya shigo da babbar takardar sakamako a hannu, ko gaisuwar kirki ba a gama ba yace malamin lissafin JSS2 ya miƙe tsaye kowa ya ganshi. Ya miƙe. Yace ku kalli mutumin da yara 58 cikin 84 suka faɗi a hannunsa, irin waɗannan ne ke zuwa cin albashi kawai, ko lesin not, wato shirin darasi a rubuce, baya kawowa, shi bai san ma wace kwalejin ce ta bashi takarda ba. A ɗakin akwai ɗaliban kwalejin ilimi da suka zo koyon koyarwa, biyu daga ciki ma shi ke duba su. Wani daga baya yayi 'yar dariya, sauran kowa ya sunkuyar da kai.

Ina kusa da shi, ina ganin yadda hannunsa ke rawa a jikin tebur. Yayi shiru har sai da shirun ya fara damun mutane, leɓensa na motsi, sannan yace, “Ranka ya daɗe naji. Ina roƙon a bani zuwa ranar Alhamis in kawo bayani a rubuce, kuma ina roƙon sakatare ya sa a minit cewa na nemi hakan.” Ya zauna. Ya buɗe bayan littafinsa ya fara rubutu. Firinsifal ya ɗan tsaya kamar mai jiran ƙari, da yaga babu sai ya wuce zancen kuɗin alli.

Daga baya na tambaye shi me yake rubutawa, yace kalmomin da aka faɗa ne ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, da kwanan wata, saboda ya san halin zuciya, in aka kwana biyu sai ta ƙara wa maganar abin da ba a faɗa ba, kuma in ka je ka maimaita wa mutum abin da bai faɗa ba to ka bashi ƙofar fita. Abin da yake motsa baki kuwa a'uziyya ce. Kin san hadisin Sulaimanu ɗan Surad da ke cikin Bukhari da Muslim, mutum biyu na zage-zage har fuskar ɗaya tayi ja, Annabi (SAW) yace ya san kalmar da in ya faɗe ta abin da yake ji zai tafi, wato neman tsari daga shaiɗan. Ga kuma na Abu Zarri a Abu Dawud cewa wanda yayi fushi yana tsaye ya zauna. Duka biyun yayi su a gabanmu ba tare da kowa ya lura ba.

Ki duba jimlar nan tasa da kyau. Bai ƙaryata ba, bai amsa laifi ba, bai ce a yi haƙuri ba. Lokaci kawai ya nema, ya kuma sa ranar da bakinsa, sannan ya jawo sakatare ciki, wato maganar ta tashi daga faɗan mutum biyu ta koma aikin makaranta da ke da takarda. Kuma ba wani shugaba da zai iya cewa a'a ban yarda ka kawo bayani ba a gaban mutum talatin.

Ana tashi 'yan zuga suka yo kansa. Wannan yace wallahi da ni ne sai na gaya masa tarihinsa, wancan yace mu haɗu mu rubuta takardar ƙorafi zuwa ofishin shiyya, wani ma cewa yayi ai ya san wani a ma'aikata. Duk waɗannan da ake tozarta shi ba wanda ya ɗaga kai. Ya gode musu kawai ya tafi. Ke ma za su zo miki in basu riga sun zo ba, ki saurara ki gode, amma ki sani mai nashi tsohon haushin da firinsifal yana neman wanda zai shige masa gaba ne.

A daren ya zauna ya raba maganar gida biyu. Gida na farko zargi, wato yara sun faɗi kuma baya kawo lesin not, wannan abu ne da ake iya aunawa, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Gida na biyu cin mutunci, wato zancen cin albashi da zancen takardarsa, wannan ba ya aunuwa kuma babu takardar da za ta amsa shi. Abin da ke kayar da yawancinmu shine mu cakuɗa su, ki je kare kanki a kan sakamako sai zafin zagin ya shigo muryarki, ko ki je nuna ɓacin ranki sai a jefo miki alƙaluma ki rasa ta cewa. Shi sai ya fara da na farkon, ya ajiye na biyun gefe tukuna.

Ranar Talata da Laraba ya bi takardu. Ya ɗauko takardar turo shi mai kwanan wata, ya ɗauko jadawalin darussa, ya je wurin mataimakin firinsifal mai kula da karatu ya ari dayarin ajin, wato littafin da kowane malami ke rubuta abin da ya koyar a ƙarshen sati. Lissafin da ya fito mai sauƙi ne. Lissafi na da fiyod 5 a sati, satin koyarwa 11 ne a zangon in an cire bita da jarrabawa, kenan fiyod 55 ya kamata yaran su samu. Sati huɗun farko shafin lissafi a dayarin fari ne fes, tsohon malamin an masa canjin wurin aiki ba a ba kowa ajin ba, fiyod 20 sun tafi. Saura 35. A cikinsu kuma fiyod biyun ƙarshe na ranar Alhamis nasa ne, kuma sati uku a jere ana kaɗa ƙararrawa a fitar da yara fili atisayen wasannin gidaje, 6 sun sake tafiya. Abin da ya tsaya a gaban yaran ya koyar 29 ne cikin 55, kaɗan ya ɗara rabi.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya burge ni. Jarrabawar ta bai-ɗaya ce ga duk azuzuwan JSS2, an fitar da ita daga sikim, wato jerin darussan da aka tsara, na zangon gaba ɗaya, tambaya 40 masu zaɓi huɗu. Ya karɓo takardun yaran ya zauna ya ware tambayoyin, sai ga 15 daga ciki sun fito ne daga darussan sati huɗun da ba malami. Ya ƙirga, a waɗannan 15 ɗin yawancin yara 4 suke samu, wanda kin san in zaɓi huɗu ne ko yaro ya rufe ido yayi canki-canka kusan abin da zai samu kenan. A sauran 25 ɗin da ya koyar kuwa suna samun wajen 11. Ya gaya min da bakinsa cewa 11 cikin 25 ba abin alfahari bane, kuma haka ya rubuta, bai ɓoye ba.

Sai zancen lesin not. Ya duba littafinsa, cikin sati bakwai da yayi sati biyar ne ke da sa hannun shugaban sashe, sati biyu babu, bai kai ba. To nan firinsifal na da gaskiya, ko da yake ba “baya kawowa” bane. Wani da sai ya tsallake wannan yana fatan ba za a duba ba. Shi kuwa da shi ya buɗe takardar tasa, layin farko yace sati na tara da na goma ban miƙa lesin not ba, wannan sakacina ne kuma na gyara. Kin ga daga nan duk abin da ya biyo baya dole a karanta shi a matsayin maganar mai gaskiya, kuma ya ƙwace sandar da za a doke shi da ita.

Takardar shafi ɗaya ce tak. Laifinsa a sama, lissafin fiyod a tsakiya, rabon tambayoyin a ƙasa, sai shawara a ƙarshe, cewa a bashi fiyod biyu a sati daga lokacin laburare na tsawon sati goma ya cike ashirin ɗin da yaran suka rasa tun kafin su shiga JSS3 inda jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ke jiransu. Babu kalmar tozarci a ciki, babu an zalunce ni, babu sunan tsohon malami, bai kuma rubuta cewa laifin ofis ne da aka bar aji sati huɗu ba malami ba, duk da kowa ya karanta zai gane hakan da kansa. Yayi kwafi uku.

Ranar Alhamis bai tafi ofis shi kaɗai ba, ya fara bi ta wurin mataimakin firinsifal ya nuna masa, ya roƙe shi ya raka shi. Hikimar ita ce dayari da jadawali a hannun mataimakin suke, in takardar ta faɗo masa a gaban oga ba shiri zai ji kamar shi aka kai ƙara, sai ya koma kare kansa, amma da aka fara nuna masa sai ya zama shine mai tabbatarwa. Suka shiga bayan an tashi tara, lokacin da ofis ba iyaye ba masu kawo kaya. Ya gaida shi yadda ya saba, ya miƙa takardar, yayi shiru har ya gama karantawa. Firinsifal ya juya yana tambayar mataimaki wai da gaske ajin nan sati huɗu ba malami? Yace ƙwarai, ga dayarin.

Sai a lokacin ya taɓo gida na biyun, kuma a taƙaice. Yace, “Ranka ya daɗe, gyara kam ina so, duk ranar da ka ga kuskurena ka kira ni nan ka faɗa min ko da zafi ne. Amma maganar cin albashi da ta takardata a gaban ɗaliban da nake dubawa ta yi min ciwo, kuma ta sa aikina da su ya yi wuya.” Shikenan, bai ƙara ba, bai kuma ce sai an bashi haƙuri ba. Abu ɗaya ya roƙa, tunda a miting aka yi maganar kuma ta shiga minit, a bari wannan bayanin ma ya shiga minit na gaba.

Ba zan miki ƙarya ba, firinsifal bai ce yi haƙuri ba, ba a ranar ba ba kuma daga baya ba. Cewa yayi ai shi don ci gaban makaranta yake faɗa, kuma malam ya cika ɗaukar abu da zafi. Malam yace Allah ya taimake mu baki ɗaya. Amma a miting na gaba da aka karanta minit aka zo kan abubuwan da suka taso, mataimaki ya miƙe ya karanta lissafin fiyod ɗin, firinsifal da kansa yace an duba an ga matsalar daga jadawali take, an kuma ba malam fiyod biyu ƙari, kuma daga yanzu atisayen wasanni sai bayan an tashi. Aka rubuta. Bai sake tsayar da shi a miting ba har aka masa canji. Wasu sun ce malam yayi sanyi da yawa, ya kamata ace ya tilasta an bashi haƙuri a bainar jama'a, ni dai a ganina ya samu abin da ake iya samu, don shugaba irin wannan in kika matse shi a lungu sai ya zaɓi girmansa a kan gaskiya, in kuwa kika bar masa 'yar hanya yakan bi ta ya gyara da bakinsa.

To yanzu ke. Kar ki ce ai ni na riga na rasa damar tunda ban yi magana a wurin ba. Hawayen da kika yi ba su ɓata komai ba, mace mai jego da bata samun barcin kirki aka yi wa haka a gaban mutane, duk mai hankali a ɗakin ya san wa ya kamata yaji kunya. Asali ma shirunki ya tsare ki, babu kalma ɗaya taki da za a riƙe. Jimlar da malam ya faɗa a tsaye ke sai ki faɗe ta a ofis, ko ki rubuta layi biyu ki ba mataimaki, cewa kina neman izinin kawo bayani a rubuce kan abin da aka tayar ranar Litinin, ki sa rana, kuma ranar ta zama aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin miting ɗin don a samu lokacin dubawa.

Zancen makara littafin sa hannu ne zai raba gardama. Ki je ki duba shi tun daga ranar da kika dawo, ki ƙirga ranakun aiki nawa ne, nawa kika sa hannu bayan an ja jan layi, kuma da minti nawa. Ki shirya ganin abin da ba zai miki daɗi ba, wataƙila sun fi yadda kike zato, amma “kullum” da “sau tara cikin kwana sittin” ba ɗaya bane, kuma gara ke ki faɗi adadin da a faɗa miki shi. Sannan akwai abin da malamai mata da yawa ba su sani ba, dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai shayarwa awa biyu a kowace rana har tsawon wata shida daga ranar da ta dawo daga hutun haihuwa, dokar ƙwadago ma ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. In ke ma'aikaciyar jiha ce, to ki samu wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na makarantarku ko na ƙaramar hukuma ya nuna miki abin da dokar jiharku ta tanada a rubuce. Amma ki kula, wannan sassaucin nemansa ake yi a takarda a amince a kuma tsara lokacinsa, ba wai mutum ya riƙa ɗauka da kansa ba. In baki taɓa nema ba to ki amsa cewa makarar da kika yi ba da izini bace, sannan a takardar ki nema yanzu, ki kuma roƙi a ɗauke miki fiyod na farko a mayar da su tsakiyar rana. Mai tsara jadawali yakan iya musanya miki da wani cikin minti goma in an bi shi ta lalama.

Sakamakon SS1 kuwa tambayar farko ita ce na wane zango ake magana, kuma sati nawa daga ciki kina hutu. Wa ya riƙe ajin, me aka rubuta a dayari, wa ya fitar da tambayoyin. In ya zamana ke kika koyar da zangon gaba ɗaya to ki ware makin kashi-kashi, insha'i daban, fahimtar rubutu daban, nahawu daban, ki ga inda yaran suka zube, ki zo da abin da za ki yi a kai. Kar ki kama sunan wanda ya riƙe miki ajin ko da shafinsa fari ne, ki rubuta sati kaza babu abin da aka shigar, ya isa.

In za ki shiga ofis ki tafi da mace babba a cikin malamai, irin wadda shi kansa yake jin nauyinta, ko mataimakiya in kuna da ita. Zama ke da shi kaɗai a ofis bashi da amfani ta kowace fuska, kuma in muryarki ta fara rawa ita za ta riƙe zancen ki samu ki nisa. Ki maimaita jimlarki a gida da ƙarfi har bakinki ya saba da ita, wani abu kamar, ranka ya daɗe makarata na amsa kuma ga yadda zan gyara, amma maganar in koma gida reno a gaban abokan aiki ta yi min ciwo, ina roƙon in akwai gyara a kira ni ofis. In yace ai wasa yake ko kin cika fushi kar ki bi shi cikin wannan gardamar, ki ce na dai faɗi yadda naji, ki koma kan takarda.

Zai yiwu a maimakon haka ki ga an miƙo miki kwiri. Kar gabanki ya faɗi, kwiri tambaya ce ba hukunci ba, sai dai ana rubuta wa'adi a jikinta, sau da yawa awa 24 ko 48, kuma ƙin amsawa a kan lokaci wani laifin ne daban. Ki sa hannu kin karɓa da kwanan wata da lokaci, ki amsa abin da aka tambaya kawai da alƙaluman da kika riga kika tara, ki nuna wa wakilin ƙungiya kafin ki miƙa, ki riƙe kwafi. Amsar nan fayil ɗinki za ta shiga, kuma wanda zai karanta ta ranar ƙarin girma wataƙila bai taɓa ganin fuskarki ba, don haka ki rubuta ta don wannan mutumin.

Hanyar malam tana da iyaka, dole in faɗa miki. Tana aiki ne a kan shugaban da zafin kai ko matsin lamba daga sama ya sa shi sakin baki. Akwai kuma wanda ya mayar da tozarta mutum ɗaya al'ada, za ki gane shi in bayan kin kai bayani ya ƙi karɓa, ko ya hana a sa a minit, ko ya sake maimaita zancen renon a wani taron. In haka ta faru to kowane karo ki rubuta rana da kalmomin da waɗanda ke wurin, in sun taru ki rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na shiyya. A ƙa'idar aiki takardar ta hannun firinsifal ɗin take bi, amma kina da damar aika kwafin gaba kai tsaye don kar ta kwana a durowa. A ciki ki nemi abu takamaimai, ko a shiga tsakani ko a miki canjin makaranta. In duk an toshe akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗi. Amma wannan matakin ƙarshe ne, in kika fara da shi tambayar farko da za a miki ita ce kin yi magana da shi?

Ajiye aiki kuwa ki cire shi daga lissafi a wannan watan. In kika ajiye yanzu maganarsa ce ta ƙarshe a minit kuma babu amsarki a ko'ina, ga shekarun aikinki da fanshonki, ga yadda samun gurbin gwamnati ya zama a yanzu. In bayan zango ɗaya ko biyu kin zauna da maigidanki kun duba kun ga koyarwar ce bata dace da rayuwarki ba wannan wata magana ce, sai ki bi ƙa'idar sanarwa ki fita da takardunki a tsafta. Shi ma maigidan ki gaya masa abin da ya faru amma ki roƙe shi kar ya je makarantar, zuwansa zai mayar da zancen na maza biyu, ke kuma a koma kallonki a matsayin wadda bata iya tsaya wa kanta ba.

Gobe in Allah ya kaimu ki shiga kafin a ja layi, ki gaida shi kamar yadda kika saba ko da daga nesa ne, ki wuce ajinki. In an tashi tara ki nemi littafin sa hannun da dayarin SS1 ki fara ƙirga. Ranar miting kuma in an karanta minit an tambaya ko akwai gyara, ki saurara ki ji yadda sakatare ya rubuta maganar, in ya sa “kullum” ki ɗaga hannu ki ce kin miƙa bayani a rubuce ranar kaza kina roƙon a haɗa shi da minit ɗin, sai ki zauna. Ki rubuto min yadda kuka yi, Allah ya sanyaya miki.